Amsar Yaro da Dalilinsa: Yadda Malami Ke Gane Matakin Tunanin Ɗalibi

Duk wanda ya zauna a ajin koyon aikin malanta ya ci karo da matakai huɗun nan na bunƙasar tunanin yaro da Jean Piaget ya tsara, kuma galibi ana haddace su ne tare da shekarunsu don ranar jarrabawa: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sai daga 11 ko 12 zuwa sama. Haddar ba laifi ba ce. Sai dai ranar da aka tura mutum gwajin koyarwa ya tsaya gaban 'yan aji ɗaya ko aji biyu, jadawalin shekarun nan ba zai gaya masa abin da ke cikin kan yarinyar da ke zaune a layin gaba ba. Za a sami yara biyu sa'annin juna, wata ɗaya aka haife su, amma ɗaya ya riga ya tsallake wani mataki a lissafi, ɗayan bai kai ba tukuna. Abin da ke nuna matakin yaro shi ne dalilin da yake kawowa a kan amsarsa, ko amsar ta yi daidai ko ba ta yi ba. Kuma wurin da malamin firamare ya fi bukatar wannan sani shi ne tsakanin shekara 5 da 8, lokacin da yara ke ƙaura daga mataki na biyu zuwa na uku a gaban idonsa.

Jean Piaget, mutumin ƙasar Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980, shi ya tsara waɗannan matakai. Wajen shekarar 1920 yana Paris yana taya Théodore Simon aikin daidaita gwajin basirar yara. Aikin da aka ba shi na ƙirga amsoshin daidai ne, amma kurakuran suka fi jan hankalinsa. Ya lura cewa yara masu shekaru ɗaya kuskure iri ɗaya suke yi, kuma idan aka tambaye su dalili, suna da shi. Daga nan ya yanke cewa yaro yana tunani ne a kan wata hanya tasa daban da ta babba, kuma hanyar tana sauyawa bi da bi cikin tsari ɗaya. Tsarin ne ya fi ba muhimmanci. Shekarun da ya faɗa kintace ne na matsakaici.

Mataki na farko ba zai daɗe da mu ba, domin malamin aji ba ya haɗuwa da shi. Jariri da ji da gani da motsin jiki yake sanin duniya: ya kama, ya kai baki, ya jijjiga, ya jefar. Babban abin da yake samu a nan shi ne gane cewa abu yana nan ko da an ɓoye shi. Rufe abin wasa da ƙyalle a gaban ɗan wata 5, ba zai ɗaga ƙyallen ba. Ɗan wata 9 ko 10 zai ɗaga.

A mataki na biyu yaro ya sami magana, ya kuma iya sa wani abu ya tsaya a madadin wani: sanda ta zama doki, kwali ya zama mota, zane biyu da da'ira su zama mahaifiyarsa. Wannan ci gaba ne babba, domin karatu da rubutu a kansa suke. Amma abu biyu suna ɗaure tunaninsa. Na farko, hankalinsa a kan siffa ɗaya yake tsayawa a lokaci guda, yawanci wadda ta fi ɗaukar ido, kamar tsawo. Na biyu, ba ya iya mai da aiki baya a zuci, wato ya ga abu ya sauya kama sannan ya raya a ransa cewa za a iya komar da shi yadda yake. Tambayi 'yar shekara 4 ko tana da 'yar'uwa, ta ce e. Tambaye ta ko ita 'yar'uwar tata tana da 'yar'uwa, sau da yawa za ta ce a'a. Dangantakar daga wajenta take tafiya, ba ta iya juyo da ita daga ɗaya ɓangaren. Mataki na uku shi ne lokacin da waɗannan igiyoyi biyu suka kwance, amma da sharaɗin abin da ake magana a kai yana gaban yaro ko ya saba da shi ƙwarai.

Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ƙaura ita ce gwajin layi biyu, kuma ba ya cin abin da ya wuce minti 5 a kan kowane yaro. Ka sami murafen kwalba 16, takwas launi ɗaya, takwas wani launin. Ka jera ja guda 8 a kan tebur da ɗan tazara, ka miƙa wa yaro shuɗayen ka ce ya jera nasa daidai da naka, kowane ja da abokinsa. Idan ya gama, sai ku tabbatar tare cewa yawansu ɗaya ne. Wannan tabbatarwar tilas ce, in babu ita duk abin da ya biyo baya ba shi da ma'ana. Daga nan, yana kallo, ka baje layin ja har ya zarce na shuɗi ta gefe biyu, ba ka ƙara ba ba ka rage ba. Ka tambaye shi: "Yanzu jajayen sun fi yawa, ko shuɗayen sun fi yawa, ko duk ɗaya ne?" Duk abin da ya ce, kada fuskarka ta nuna komai. Ka bi shi da tambayar da ita ce ainihin gwajin: "Yaya aka yi ka sani?"

A ajin 'yan shekara 6 amsa iri uku za ka ji. Yaro na farko zai ce jajayen sun fi yawa, ya nuna bakin layin da yatsa: "Malam, ga shi nan sun fi tsawo." Bai yi shakka ba, bai kuma ji yana bukatar ƙirgawa ba. Tsawon layin ya cika masa ido, tazarar da ke tsakanin murafen ba ta shiga lissafinsa ba. Wannan yana mataki na biyu a kan adadi.

Yarinya ta uku, bari in tsallake ta biyun tukuna, za ta ce duk ɗaya ne, wataƙila ma ta dube ka da mamakin tambayar. Dalilinta ba zai wuce ɗaya daga cikin uku ba. Ko ta ce, "Ai ba ka ƙara komai ba, ba ka kuma ɗauke ba." Ko ta ce, "In ka matso da su za su koma yadda suke." Ko kuma ta ce, "Wannan ya fi tsawo amma akwai fili a tsakaninsu, wancan a matse yake." Dalili na biyu shi ne mai da aiki baya a zuci, na ukun kuwa riƙe siffa biyu ne a lokaci guda. Lura da cewa ba ta ƙirga ba. A wurinta abin ya zama dole, ba ya bukatar a duba.

Ta biyun ita ce ta fi koyar da malami. Za ta ce jajayen sun fi yawa, sai ka ce ta ƙirga. Ta ƙirga ja ta sami 8, ta ƙirga shuɗi ta sami 8. Ka sake tambaya, ta ɗan yi shiru, ta dubi layin, ta ce: "Duk takwas-takwas ne, amma jajayen sun fi yawa." Sabon malami yakan ɗauka wasa take yi ko ba ta saurara ba. Ba haka ba ne. A wurinta "takwas" sunan da ƙirga ta ƙare a kansa ne, "yawa" kuma abin da ido ya gani ne, kuma har yanzu ba ta haɗa su sun zama abu ɗaya ba. Idan ka rage murafen zuwa 3 ko 4 za ta ce duk ɗaya ne, in ka mai da su 8 ta koma wa idonta. Wannan kai-kawo shi ne alamar yaron da ke kan ƙaura, kuma shi ne yaron da koyarwa ta fi yi wa tasiri.

Akwai ƙarin tambaya ɗaya da ke raba wanda ya gane da wanda ya cinka. Bayan yaro ya ce duk ɗaya ne, ka ce masa a hankali: "Jiya wani yaro ya ce mini wannan mai tsawon ya fi yawa. Me za ka ce masa?" Wanda ya gane zai tsaya kan bakarsa, har ya gaya maka yadda zai nuna wa wancan yaron. Wanda ke kan ƙaura sau da yawa zai janye. Piaget da abokan aikinsa a Geneva sun riƙa amfani da irin wannan ƙalubale a hirarsu da yara.

To, mene ne haɗin wannan da darasin gobe? Yaron da ke ganin adadi yana ƙaruwa in an baje shi zai iya rera ƙirga daga 1 zuwa 100 ba tuntuɓe, ya kuma haddace cewa 5 da 3 sun zama 8. Amma in ka ɗauke murfi ɗaya daga cikin ukun ka mai da shi cikin biyar, ka tambaye shi nawa ne duka yanzu, sai ya faro ƙirga daga farko. Bai ga cewa 5 da 3, da 6 da 2, duk rabon abu ɗaya ba ne. Malamin da ya dogara da amsar da aji ke bayarwa da murya ɗaya ba zai taɓa ganin wannan ba, domin a amshi kowa gwani ne.

Abin ya fi fitowa fili a ɗebewa mai aro. Rubuta 32 − 17 a allo a aji biyu, ka zaga ka duba littattafai. Za ka ga 25 a wurare da dama. Yaron ya dubi gidan ɗaiɗai ya ga 2 da 7, ya cire ƙarami daga babba ya sami 5. Ya dubi gidan gomomi ya cire 1 daga 3 ya sami 2. Kuskure ne mai tsari, kuma zai maimaita shi a kowane lissafi irinsa. Don a gane aro, sai yaro ya yarda cewa gomomi 3 da ɗaiɗai 2 daidai suke da gomomi 2 da ɗaiɗai 12, wato 32 ta sauya kama amma ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Tunanin gwajin murafe ne ya dawo, da ƙarin nauyi ɗaya: dole ya ɗauki goma a matsayin dunƙule ɗaya kuma a matsayin abubuwa goma a lokaci guda.

Amma ba duk mai rubuta 25 ne matsalarsa mataki ba, kuma a nan ne malami ke bukatar natsuwa. Wani an koya masa ƙa'idar ce a gurguje bai riƙe ba. Ga yadda za ka bambance. Ba yaro tsinke 32 a ɗaure goma-goma da roba: ɗauri 3 da warwara 2. Ka ce ya ba ka 17. Wani zai miƙo ɗauri ɗaya, ya dubi warwara biyun, ya ga ba za su kai bakwai ba, sai ya kwance ɗauri ɗaya da kansa, ya ƙirgo 7 daga 12, ya rage masa ɗauri 1 da warwara 5. Ya sami 15 da hannunsa. Wannan tunaninsa ya kai, abin da ya rage masa shi ne a haɗa masa abin da hannunsa ya yi da abin da ake rubutawa: kwance ɗaurin nan shi ne soke 3 a rubuta 2, a sa 1 gaban 2. Darasi ɗaya ko biyu sun ishe shi. Wani kuwa zai tsaya ya ce ba za a iya ba. Ka kwance masa ɗauri ɗaya kana kallonsa, ka tambaye shi ko tsinkayen har yanzu 32 ne. Idan ya ce yanzu sun fi yawa, ko ya kama ƙirga daga ɗaya don ya tabbatar, to ba ƙa'idar aro yake bukata ba tukuna. Yana bukatar makonni na ɗaurewa da kwancewa da sake rabon ƙananan adadi. In aka tilasta masa ƙa'idar zai haddace ta, kuma za ka gane haddar ce ranar da ya yi aro a 38 − 15, inda babu bukatar aro ko kaɗan.

Irin wannan tarnaƙi yana fitowa a wajen lissafi ma. Ajiye fensira 10 a tebur, 7 ja, 3 shuɗi, yaro ya yarda duk fensira ne. Tambaye shi: jajayen fensira sun fi yawa ko fensira sun fi yawa? Ɗan mataki na biyu zai ce jajaye, domin da zarar ya ware ja a zuciyarsa, abin da ya rage ya kwatanta da su shuɗayen ne kawai. Ba ya iya riƙe ɓangare da duka a tare. Shi ya sa a darasin kimiyya yaro zai yarda kaza tsuntsu ce, amma ya musanta cewa dabba ce kuma.

Wani abu da jadawalin matakai ke ɓoyewa shi ne yaro ba ya shiga mataki na uku gaba ɗaya a rana ɗaya. Wadda ta ci gwajin murafe tana shekara 6 ko 7 tana iya faɗuwa a gwajin yumɓu. Mulmula dunƙule biyu daidai, ka murza ɗaya ya yi tsawo, ta ce mai tsawon ya fi yumɓu. Wajen shekara 7 ko 8 za ta yarda yawan yumɓun bai canza ba, amma ta dage cewa nauyin ya canza. Gane cewa nauyin ma bai canza ba sai wajen 9 ko 10. Cewa dunƙulen biyu za su ɗaga ruwa a kofi daidai da juna kuwa sai wajen 11 ko 12. Dalili ɗaya ne ke warware duka ukun, amma yaro sai ya sake gano shi a kowane fanni. Saboda haka kada ka rubuta a littafinka cewa wance "tana mataki na uku". Rubuta cewa ta riƙe adadi, ba ta riƙe nauyi ba. Sabo da abu ma yana gaggauta ganewa: a binciken da Price-Williams da abokan aikinsa suka wallafa a 1969, 'ya'yan magina tukwane a ƙasar Meziko sun riga sa'anninsu gane cewa yawan yumɓu ba ya canzawa da sauyin siffa.

Gwajin kansa yana iya yaudarar malami, kuma wannan ne ya fi damuna idan na ga sababbin malamai sun fara amfani da shi, domin da sauƙi ake liƙa wa yaro tambarin da ba nasa ba. Dubi abin ta wajen yaro. Babba ya tambaye shi, ya amsa cewa duk ɗaya ne. Babban ya taɓa murafen da gangan, ya sake yin tambayar nan dai. A aji, in malami ya maimaita tambaya, ma'anarta yawanci amsar farko ba daidai ba ce. Sai yaro ya sauya amsa don ya gamsar da malam. A 1974 wasu masu bincike biyu, Rose da Blank, suka gwada cire tambayar farko, suka tambaya sau ɗaya kawai bayan an baje layin, sai 'yan shekara 6 suka fi ba da amsar daidai. Kusan a lokacin, James McGarrigle da Margaret Donaldson a Edinburgh suka sa wata 'yar tsana "mai ɓarna" ta zo ta wargaza layin kamar bisa kuskure, maimakon babba ya yi da hannunsa. Yara 'yan 4 zuwa 6 da yawa da suka faɗi a gwajin da aka saba sai suka ce adadin bai canza ba. A Senegal kuma Patricia Greenfield ta ga cewa yaran Wolof da ba su shiga makaranta ba sun fi yarda cewa yawan ruwa bai canza ba idan su suka juye shi da hannunsu daga kofi zuwa kofi, ba baƙuwar da ke binciken ba.

Waɗannan bincike ba su rushe abin da Piaget ya gani ba, har yanzu ƙananan yara suna faɗuwa fiye da manya a kowace siga ta gwajin. Sun dai nuna cewa ya raina iyawar ƙananan yara, kuma cewa yadda aka yi tambaya yana cikin abin da ake aunawa. A aikace, ka yi gwajin da harshen da yaro ya fi ji. Ka bar shi ya baje layin da kansa. Ka sauya jerin zaɓin da kake ba shi, domin wasu yara abin da aka faɗa a ƙarshe suke maimaitawa. Ka yi shi a gefe, ba a gaban aji ba, don na biyu zai kwaikwayi na farko. Kada kuma ka yanke hukunci da zama ɗaya. Sake gwadawa wata rana da wasu kaya. Yaro mai kunya da ya yi shiru bai faɗi gwaji ba, ba a dai ji daga gare shi ba ne.

Mataki na huɗu ya fi shafar masu koyarwa a ƙarshen firamare da ƙaramar sakandare. Bambancinsa da na uku shi ne tunani ya daina jingina da abin da ke gaban ido. Ɗan shekara 8 zai jera sanduna uku daga doguwa zuwa gajera ba wahala. Amma ka ce masa da baki, "Ta farko ta fi ta biyu tsawo, ta farko kuma ba ta kai ta uku ba, wace ce ta fi duka tsawo?" sai ya rikice, ko da yake tambayar ɗaya ce. Piaget da abokiyar aikinsa Bärbel Inhelder sun auna wannan mataki da igiya mai lilo: aka ba ɗalibi igiyoyi masu tsawo daban-daban da nauyaya daban-daban, aka ce ya gano abin da ke sa lilon ya yi sauri ko ya yi nawa. Ɗan mataki na uku zai rataya nauyi babba a gajerar igiya, ya kwatanta da ƙaramin nauyi a doguwa, ya ga na farko ya fi sauri, ya ce nauyi ne. Ya sauya abu biyu tare, don haka gwajinsa bai raba komai ba. Ɗan mataki na huɗu zai lissafa abubuwan da ake zargi tun kafin ya taɓa igiyar, ya riƙe duka yadda suke ya sauya ɗaya kawai, har ya tabbatar cewa tsawon igiya ne ke yin aikin, nauyi ba ruwansa. Wannan mataki shi ne mafi rauni a tsarin Piaget, domin an ga matasa da manya da yawa ba sa nuna irin wannan tunani sai a fannin da suka saba da shi ko aka horar da su a kai. Ganin ɗalibi ya kai shekara 13 bai isa ya sa malamin kimiyya ya tsallake kayan gwaji ya tafi kai tsaye ga ƙa'ida ba.

Akwai fahimta ɗaya da ke yawo tsakanin masu koyon malanta wadda ban yarda da ita ba: wai tunda matakai bi da bi suke zuwa, malami ya jira har yaro ya "nuna" kafin ya koya masa. Lev Vygotsky, ɗan Rasha da ya rayu daga 1896 zuwa 1934, ya kawo gyaran da ake bukata. Ya ce a duba abu biyu: abin da yaro ke iya yi shi kaɗai, da abin da yake iya yi in wani ya ɗan taimaka masa. Tazarar da ke tsakaninsu nan ne koyarwa ke aiki. Yarinyar nan mai "takwas-takwas amma jajayen sun fi yawa" tana tsakiyar wannan tazara.

Gaya mata amsa ba zai amfane ta ba, za ta maimaita maka ita yau, gobe idonta ya sake rinjayarta. Abin yi shi ne ka sa abubuwa biyun da ta yarda da su su yi karo a gabanta. Kafin a matso da layin, ka ce ta faɗi abin da zai faru: in kowane ja ya koma gaban abokinsa, wani zai rasa aboki? Ta ce e, ja ɗaya ko biyu za su ragu. Ta matso da su da hannunta, babu wanda ya ragu. Ka bar ta da mamakin, kada ka yi saurin bayani. Ta sake bajewa, wannan karon shuɗayen, ta sake cinka, ta sake dubawa. Ku fara da murafe 4, inda ta riga ta tabbata, ku hau zuwa 5, 6, har 8. Wani lokaci ka cire ɗaya da gaske tana kallo, domin ta bambance sauyin da ke taɓa adadi da wanda siffa kawai yake taɓawa. In ba haka ba za ta koyi cewa amsar malam kullum "duk ɗaya ne". Sannan ka zaunar da ita da yarinyar da ta riga ta gane, su yi gardama a kan layin. Bayanin sa'arta yakan shige ta fiye da naka, domin ba ta jin nauyin musanta shi.

Ga yaro na farko, wanda ko shakka bai yi ba, lokacin wannan aiki bai zo ba tukuna, domin bai ga wani saɓani tsakanin ƙirgarsa da idonsa ba. Shi aikinsa haɗa abu da abu ne: ya raba littafi ɗaya ga kowane yaro a layinsa, ya ajiye fensir ɗaya a kan kowane littafi, ya tattara fensiran wuri ɗaya ya faɗi ko za su ishi littattafan in an sake rabawa. Bayan mako 4 zuwa 6 ka sake kiransa ga murafen, ka rubuta kalmomin da ya faɗa a matsayin dalili yadda ya faɗe su, ka ajiye kusa da na farkon. In ya tashi daga "sun fi tsawo" ya koma "bari in ƙirga", ya matsa zuwa inda yarinya ta biyu take, sai ka fara masa aikin cinka da dubawa da murafe 4.